Goron da Zinariya Ta Ƙi Fasawa

A garinmu, Rijiyar Gawo, tsakanin Dungas da Dogo-Dogo, in ka tambayi maza labarin Zinariya mai ƙuli za su ce maka mace ce mai taurin kai. Ba ƙarya suka yi ba. Abin da ba za su gaya maka ba shi ne a kan me ta yi taurin kan, don labarin bai yi musu daɗin baki ba. Ni, Tata, danga ɗaya ce ta raba gidana da nata tun muna amare har ranar da aka ɗauke ta zuwa makwanci, saboda haka ni zan faɗa.

Daga wajen Waca aka kawo ta, doguwa, baƙa, mai wushirya, ba ta da yawan dariya. Mijinta Mamadu mutum ne mai sanyi, irin wanda in akuya ta shiga gonarsa shi zai ba mai akuyar haƙuri. Ta haihu da yawa, Allah ya bar mata ɗaya, Abdullahi. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tun zamanin da gyaɗa ke da daraja, kamyo, manyan motocin kaya, na ɗibarta zuwa Magarya har ƙura ta rufe gari. Abin da aka san ta da shi a kasuwa ɗaya ne: in ta ce miki manki zai fito Talata, to ki zo Talata da kwalbarki. In kika zo Laraba za ta ba ki man, ta haɗa miki da maganar da za ki kwana kina juyawa.

Sai fari ya zo. Ba sai na ba ku labarinsa ba, kowa ya ci rabonsa. Mun ci tafasa, mun ci jiga, mun ci jar dawar taimako da ko kaji suna tunani kafin su tsattsaga. Awaki suka ƙare. Mamadu ya kwanta ciwon ciki, bai tashi ba. Abdullahi ya tafi cin rani Kano, ya bar matarsa Saratu da ƙaramin ciki, damina ta faɗi bai dawo ba, sai gaisuwa da yake aikowa a bakin direbobi. Gaisuwa kuwa ba a tuƙa ta.

Duk tsawon yunwar nan akwai tulu ɗaya da Zinariya ta binne ƙarƙashin gadonta, ta liƙe bakinsa da laka. Irin gero ne, na gonar mijinta. Sun kwana da yunwa a kan tulun nan ba sau ɗaya ba, ba ta buɗe ba. Da ruwan shuka ya sauka, ita da Saratu suka fita, ɗaya na sara ɗaya na zubawa tana takewa, har suka shuke gonar tudu duka. Gero ya fito kyakkyawa. Harƙiya da ƙarangiya ma suka fito kyawawa, don ƙasa ta huta, kuma ciyawa ba ta jiran kowa. Tsohuwa da mai ciki ba za su iya noman farko a gona irin wannan ba. Sai gayya.

A lokacin soja ba su daɗe da karɓar mulki ba, an tayar da samariya, ƙungiyar samari, a kowane gari, kuma sarkin samari ne ke raba ranakun gayya. Namu Alkasim ne, ɗan wata ƙawarmu da ta rasu. Zinariya ta sha goya shi, ya sha jiƙa mata zane. Amma tun da aka naɗa masa sarauta ya samu agogon hannu, sai ya koma tafiya kamar komanda mai mulkin yankinmu. Ta riga kowa zuwa wurinsa, ya ba ta Asabar. Ta kai tasoshin aurenta kasuwa ta sayar, ta auno geron da za a ciyar da masu aiki, ta gaya mana mu matan unguwa mu ajiye Juma'a don daka.

Ranar Litinin da hantsi ina gidanta muna ɓarar ɗan abin da ta samu na gyaɗa, sai ga Barau makaɗi. Shi ne mai gangar noma, shi ne kuma bakin samariya in za a yi aike.

"Salamu alaikum, uwar mai, uwar ƙuli. A ba maroƙi ya taɓa, ko ƙonanne ne."

"Shigo, Barau," in ji ta. "Ban ɗora kasko ba, hancinka ya yi maka ƙarya yau. Me ka ƙunso a ganye?"

Ya tsuguna ya ajiye ƙunshin goro a gabanta. Ya ce gardi, dogarin komanda, ya zo daga Magarya: ruwa ya cinye hanyar mota a kwari, kamyon hatsi ya kasa wucewa, komanda ya ce duk samarin garuruwan nan su fito Asabar da kwanduna a cike ramin. Saboda haka sarkin samari yana ba Inna haƙuri, a ɗaga gayyarta. Ya ba ta zaɓi: Larabar mako mai zuwa, ko Juma'arsa, ko kuwa Litinin ta makon da ke bin wannan.

A garinmu wanda ya nemi a ɗaga rana shi ke kawo goro. In ka fasa goron ka kai baki, ka karɓi ɗaya daga cikin ranakun da aka ba ka ke nan, magana ta ƙare. In kuwa ka mayar da shi a hannun ɗan aike, ka zagi samari, ba mai sake taka gonarka. Shi ya sa kowa ke fasawa ya haɗiye, ko ranar ta yi masa ko ba ta yi ba, ya koma ɗaki ya yi ta tsaki.

Zinariya ba ta taɓa ƙunshin ba. Ta ce, "Barau, bayan Asabar ai akwai Lahadi."

"Lahadi samari za su huta gajiyar hanya."

"Litinin fa?"

"Gonar mai gari."

"Talata?"

"Alhaji Mainassara."

"Alhamis ta Liman ce, ba sai ka faɗa ba. Asabar ta gaba?"

Barau ya sosa ƙeya. "Baban yarinyar da sarkin samari ke nema."

"To, madalla. An rabe nama, an aiko mini da ƙashi uku in zaɓa." Ta ɗauki ƙunshin ta ɗaure a bakin zanenta. "Ban ci ba, ban mayar ba. Ka ce masa ya ji amsata yau da la'asar, daga bakina. Kai kuma, gangarka tana da aiki ranar Alhamis ɗin nan da ke tafe?"

"Tana rataye, Inna. Ɓera ne kaɗai ya gayyace ta."

"Ka ce wa ɓeran an riga shi."

Da ya fita na ce mata, "Ke dai fasa ki ci. Ki ɗauki Laraba, ko mutum kaɗan suka zo ai an rage." Ta kalle ni kamar na zubar mata da mai. Ta ce, "Tata, ke ma a kasuwa za ki yini ranar Laraba kina kiran daddawa. Wa zai tuƙa? Wa zai noma? Zan ɗauki ranar da na san ba kowa, sannan in an tashi a ce an yi wa Zinariya gayya?"

Gaskiyarta ce. Abin da na lura shi ne ba ta zauna tana zagi ba. Ta yafa gyale ta tafi gona ta duba tsawon ciyawa. Daga can ta biya ta gonar Alhaji Mainassara ta leƙa. Ta dawo ta bi gidajenmu ɗaya bayan ɗaya tana tambayar mata: in an jawo aikin kusa, wa za ta iya barin kasuwa, wa za ta iya zuwa da taɓaryarta. Sai da ta san abin da ke hannunta sannan ta aiki Saratu ta sayo goro, ta ƙara a kan na Alkasim.

Da la'asar ta ce in raka ta. Mata ba sa zuwa rumfar samariya, tana nan jikin ƙofar mai gari inda dattawa ke shimfiɗa buzu. Na bi ta dai, ƙafata na ja da baya. Muka tarar da mai gari, da Alhaji, da Alkasim a kan kujera samari sun kewaye shi. Ta tuɓe takalmi ta durƙusa ta gaida mai gari yadda ya kamata, ranka ya daɗe, ina gajiya, ina ruwa. Ta gaida Alhaji. Sannan ta juyo.

"Sarkin samari, barka da la'asar."

"Inna, ai da kin aiko Barau. Me ya fito da ke?"

"Barau in an ba shi magana mai zafi sai ya tsaya a hanya ya fifita ta. Na ji saƙonka. Asabar na bar muku, da zuciya ɗaya. Hatsin da ke cikin kamyon nan har da bakina a ciki, ku je ku cike rami, Allah ya ba da lada. Amma ranakun nan uku da ka aiko, ba wadda ta yi mini."

Alkasim ya duba agogonsa, kamar amsar tana ciki.

"Ko ɗaya, Inna?"

"Ko ɗaya. Laraba kasuwa ce, samarinka suna can suna dako da tallan rake, matan da za su dafa ma suna can. Juma'a kafin rana ta take kun ajiye hauya kun tafi wanka, ga tafiyar masallaci har Dungas. Litinin ɗin can kuwa, in kun zo ba noma za ku yi ba, ta'aziyya za ku yi wa gero. Yau na dubo, ciyawa ta kamo shi. Ba ni da wani iri a ƙarƙashin gado, ɗan nan. Wannan ne ƙarshensa."

"To ai ranakun da suka rage ke nan," in ji shi. "Ba ni na yi mako ba."

"Ba kai ka yi shi ba, gabansa kawai kake kallo. Ni ma na zo da uku." Ta kwance ƙunshin ta shimfiɗa a tabarma, nasa goron a gefe, nata a gefe. "Alhamis ɗin nan, kafin aikin hanya. Ba wanda ya riƙe ta, Barau ya ce gangarsa tana rataye, mata sun ce za su daka. In ba ta yi ba, a raba aikin biyu: safiyar Juma'ar nan, da safiyar Lahadi, kowa ya tashi kafin rana ta yi zafi, ni zan ciyar sau biyu. In wannan ma bai yi ba, Alhaji ya ba ni Talatarsa ya ɗauki Litinin ɗin da aka ba ni. Shi a ruwa na biyu ya shuka, ciyawarsa ko kaza ba za ta ɓuya a ciki ba."

Alhaji ya gyara zaman hularsa ya ce shi ya riga ya yi wa mahauci magana, rago ba ya jira. Zinariya ta ce ai ba ta san rago na da gaggawar zuwa wuƙa ba, amma ta ji, a cire wannan. Wasu samari suka sunkuyar da kai suna danne dariya.

"Alhamis ai Maigatari ke ci," in ji Alkasim.

"Tana ci. Wa a cikin yaranka ke da akuyar da zai kai Maigatari bana? Alhaji ne mai tafiya, shi kuma ban gayyace shi riƙe hauya ba."

Mai gari ya yi gyaran murya ya ce, Zinariya, mace ba ta zuwa ta sa wa samari rana. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ban sa ba. An tambaye ni, na amsa. Zaɓi yana hannunsa yadda ya sa shi a hannuna da safe." Ta juya ga Alkasim. "Abu ɗaya nake roƙo, in ji amsa kafin azahar gobe, don in san ko za a sa gero a turmi. In azahar ta wuce ban ji ba, zan ɗauka kun sallame ni, ba faɗa. Sai in kira mata ranar Alhamis, mu ɗauki hauyoyin mazanmu, Barau ya kaɗa mana. Gonar a bakin hanya take, masu zuwa Maigatari sa samu labarin da za su kai."

Ta naɗe goron duka ta mayar bakin zane, ta yi sallama, muka fito. A hanya na ce mata, "Wace macen ce ta ce miki za ta riƙe hauya yini guda?" Ta ce, "Ke ce ta farko, ban dai gaya miki ba tukuna."

Washegari Talata muka zauna jira. Rana ta take, ba kowa. Saratu ta fara share hawaye, Zinariya ta ce ta adana ruwan, za a buƙace shi a fura. Ladan na buɗe baki zai kira azahar sai ga Barau yana haki. Ya ce sarkin samari ya ɗauki Alhamis. Ya kuma ce a gaya wa Inna, samari ba sa noma da yunwa, za a ga yadda za a ciyar da su cikin ɗan wannan lokaci, ga kasuwa a tsakani. Wato ya zaɓi wadda yake ganin za ta karya ta.

"Ka ce masa na ji, na karɓa. Alhamis, gonar tudu, bayan sallar asuba. Maimaita in ji."

Barau ya maimaita. Ta ba shi ƙuli ya jefa a aljihu.

Ranar Laraba ba ta kai mai kasuwa ba, abin da ban taɓa gani ba sai ranar da mijinta ya rasu. Ni ma daddawata ta kwana a kwando, kuma ban fasa yi mata gorin haka ba har ta bar duniya. Ba duka matan da suka yi alkawari suka zo ba, wasu kasuwa ta fi ƙarfinsu. Mu da muka zo muka yi surfe, muka wanke, muka daka har tafin hannu ya yi kanta. Saratu da cikinta tana zaune tana tankaɗe. Zinariya ta shiga kasuwa sau ɗaya, ta yi wa Fulani maganar nonon safe, ta sayo kuka da barkono. Zakaranta ɗaya da ya tsira daga yunwa, shi ma ranar ya gama nasa.

Alhamis da sassafe Barau ya fara kiɗa a bakin gona. Samari suka zo, amma rabinsu. Sauran sun tsaya ganin inda sarkinsu zai sa ƙafa, shi kuwa bai fito ba. Zinariya ba ta tambayi kowa ina yake ba. Ta ɗaura ɗamara ta ɗauki hauyar Mamadu ta shiga layi a tsakiyarsu. Barau kuwa, da yake ya san inda ƙuli ke fitowa, ya shiga kiran sunan duk wanda ke gonar yana wasa shi, ɗan wane jikan wane, namijin da ba ya ɓuya a ɗaki. Bai ambaci wanda bai zo ba, ganga dai ta kai har cikin gari, kuma ƴan mata sun fito ɗiban ruwa suna saurare. Kafin hantsi aka fara ɓullowa ta bayan danga, kowa da hauyarsa da uzurinsa. Alkasim ne na ƙarshe. Ya cire agogon ya sa a aljihu, bai gaida kowa ba, ya kama layin gefe. Abin da ba zan hana shi ba, yaron ya iya noma. Haushi ma ya ƙara masa hannu.

Da rana ta take muka kawo fura da tuwo a inuwar aduwa. Ba a ƙoshi an bari ba, amma ba wanda ya tashi da yunwa. Nan Zinariya ta kwance ƙunshin nan, ta fasa goron a gaban kowa, ta kai ɓari ɗaya bakinta, ta bi su tana rabawa. Da ta zo kan Alkasim ta miƙa masa.

"Karɓi, ɗan nan. Naka ne, yau ya samu rana."

Ya karɓa bai ɗago ba. "Inna, kin tozarta ni a gaban mai gari."

"Na goye ka a gaban garin nan duka, ba ka ce na tozarta ka ba. Ci goro."

Saboda latti da aka yi, la'asar ta riske su ba a gama ba. Kusurwar gabas, wajen kalgo, ta rage. Zinariya ta ce a bar mata, ita za ta ƙarasa. Ba ta samu ƙarasawa da wuri ba, don Saratu ta haihu cikin makon, aka shiga ɗora ruwan wanka da hidimar suna, sama kuma ta yi ta zuba. Sai wajen Litinin ɗin nan da aka so ba ta sannan ta kai hauya kusurwar. Na bi ta na gani. Geron ya yi rawaya, siriri, ciyawa ta haye kansa. Ta noma shi dai, amma da kaka abin da ya bayar ko tsuntsu bai tsaya a kai ba. Sauran gonar kuwa ta yi zangarniya kamar hannun ƙato. Rumbun Mamadu da ya shekara biyu yana kiwon gizo-gizo ya cika har wuya.

Abdullahi ya dawo bayan an gama ɗaure damma, da rediyo a kafaɗa. Ta amsa gaisuwarsa, ta nuna masa ɗansa, ta nuna masa rumbu, ta ce rediyon ya kunna wa kusurwar kalgo ko za ta ji daɗi. Alkasim ya shekara ba ya bi ta ƙofar gidanta. Ita ko a jikinta, da bikinsa ya zo ma ita ta kai man tuya. Ba zan ce maza sun canza hali ba, har gobe mai gari da masu rago su ke fara zaɓen rana. Ita dai ba a sake aiko mata da ragowa ba.

Ta rasu bara da sanyi, bayan gajeren ciwo. Kafin ta rasu ta sa Saratu ta jawo tulun nan, da take sake cikawa da iri kowace kaka, daga ƙarƙashin gado, ta duba liƙin bakinsa da hannunta, ta ce a mayar. Bana daga cikinsa aka shuka gonar tudu, har kusurwar kalgo.